Maki ashirin da na rasa a kan ɗigo shida

Na gama digirina na lissafi, amma tambaya ɗaya ta jarrabawar aji uku har yau tana ci mini rai. An ba mu giraf biyu, G da H, wato zanen ɗigogi da layukan da ke haɗa su, aka ce mu faɗa ko aisomofik ne, ma'ana ko giraf ɗaya ne da aka sauya wa ɗigoginsa suna kawai. Kowanne an zana shi da ɗigo shida a zagaye, 1 zuwa 6, kowane ɗigo haɗe da maƙwabtansa biyu. A cikin G an ƙara layuka 1-4, 2-5 da 3-6. A cikin H kuwa 1-3, 4-6 da 2-5.

Na ƙirga. Ɗigo shida nan, shida can. Layi tara nan, tara can. Kowane ɗigo layi uku ne ke fita daga gare shi, kuma babu giraf ɗin da ya rabu gida biyu. Sai na rubuta cewa aisomofik ne, na ja layi a ƙasa, raina fes. Sifili na samu.

Abin da ban gani ba shi ne alwatika. A cikin H, 1 na haɗe da 2, 2 da 3, 3 kuma da 1. A cikin G kuwa duk layin da ka ɗauka, lambar mara yake haɗawa da ta cika, don haka ba za ka bar ɗigo ka dawo kansa da taku uku ba. Sauya wa ɗigogi suna ba ya haifar da alwatika, ba ya kuma kashe ta. Wannan kaɗai ya raba gardama, ba sai an gwada hanyoyi 720 na jera ɗigo shida ba.

Na je ofishin malamin da takardata. Na ce, "Malam, abubuwa huɗun da ka koya mana duk na duba, duk sun dace." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce dacewar inbariyant, wato abubuwan da sauya wa ɗigogi suna ba ya canzawa, ba hujja ba ce, saɓaninsu ne hujja. Gaskiya ya faɗa. Amma duk zangon bai taɓa kawo mana misali ɗaya da ƙirgen ya dace alhali giraf ɗin sun bambanta ba, kuma ƙirgen da na yi daidai bai ba shi ko rabin maki ba. Wannan ban yafe ba tukuna.

Daga baya na gano wata gajeriyar hanya da kaina: zana layukan da babu, ka goge waɗanda ke akwai. Na G alwatika biyu ne a rabe, na H zobe ɗaya mai ɗigo shida.

Yanzu idan zan ce aisomofik ne, sai na rubuta wane ɗigo ya tafi ina, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ƙannen da nake wa bita kuwa, G da H nake fara ɗora musu a allo tun ranar farko.