Kafin Ku Daina Cin Wake da Shan Madara Saboda Ciwon Ciki

Akwai wani ciwon hanji da likitoci ke rubutawa IBS a katin mara lafiya, wanda ke zuwa da murɗawar ciki da kumburi da tusa mai yawa, wani lokaci da zawo, wani lokaci da taurin bayan gida, amma idan aka duba hanjin sai a same shi babu rauni ko ƙari. Da yake babu wani gwajin jini ko hoto da ke nuna shi kai tsaye, ana gano shi ne ta hanyar sauraron bayanin mara lafiya, sannan a kawar da cututtukan da suke kama da shi. Shawarata gare ku, ƙannena, ita ce ku bi wannan tsari a jere: a fara da asibiti, gwajin abinci ya biyo baya. Ni na fara da na biyun, kuma na sha wahalar da ba ta zama dole ba.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, wanda aka sabunta a 2016 ake kuma kira ma'aunin Rum na huɗu, ya tanadi cewa ciwon cikin ya kasance yana dawowa aƙalla rana ɗaya a mako cikin watanni 3 na baya, kuma ya fara tun watanni 6 da suka wuce. Dole ne kuma ya haɗu da biyu daga cikin abubuwa uku: yana da alaƙa da zagayawa, ko yawan zagayawar ya canza, ko kamannin bayan gidan ya canza. Saboda haka wanda cikinsa ya ɓaci makonni biyu bayan cin abincin biki bai shiga wannan sahu ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne alamomin da ba na wannan ciwo ba ne. Jini a bayan gida, rama ba tare da dalili ba, ƙarancin jini, zazzaɓi mai dawowa, zawon da ke tada mutum daga barci, farawar ciwon bayan shekara 50, ko tarihin sankarar hanji a dangi, kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar bincike mai zurfi, wanda sau da yawa ya haɗa da leƙa babban hanji da na'ura. Kada ku yarda a ce muku basir ne kawai idan kun ga jini, sai an duba. Idan babu waɗannan alamomi, binciken ba shi da yawa: ƙidayar jini, gwajin jini mai nuna kumburi irin na rauni ba na iska ba, da gwajin bayan gida. A ƙasarmu gwajin bayan gida yana da nauyi na musamman, domin tsutsar ciki da amiba da jiyadiya, waɗanda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, suna iya kawo kumburi da zawo na watanni, kuma suna warkewa da magani. Ga mai zawo, akan ƙara gwajin kalfurotektin a bayan gida inda ake samunsa, wanda ke nuna ko hanjin yana da kumburi na gaske, da kuma gwajin cutar siliyak, wadda garkuwar jiki ke lalata ƙaramin hanji a cikinta idan an ci alkama.

Na daɗe ina shan maganin taifot da na olsa daga kemis, domin duk lokacin da cikina ya murɗa haka ake ce mini, alhali babu zazzaɓi, kuma kowane zagaye na maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara birkita hanjin. Da na gaji, sai na yanke wa kaina hukunci na bar burodi da taliya da wake da madara da kayan marmari a lokaci guda. Na rame, kuma da na samu ɗan sauƙi ban san wanne ne ya jawo ba. Sa'ad da na je wurin likitan ciki, sai ta bayyana mini cewa gwajin siliyak ba zai zama abin dogaro ba tunda na daina cin alkama, domin abin da ake nema a jinin yana raguwa idan babu ita, don haka sai da na koma cinta kullum na wasu makonni kafin a ɗebi jinin.

Bayan an kawar da sauran cututtuka, abincin da ya cancanci gwaji ba shi da yawa. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun tsara wata hanya da ake kira FODMAP, wadda ta ginu a kan cewa wasu nau'o'in sukari ba sa shiga jiki sosai a ƙaramin hanji, sai su jawo ruwa, su isa babban hanji inda ƙwayoyin da ke zaune a can suke ruɓar da su su fitar da iska. Kowa yana samun wannan iskar, amma hanjin mai wannan ciwo ya fi jin zafin miƙewa. A kwanonmu, waɗanda suka fi ɗauke da irin wannan sukari su ne albasa da tafarnuwa, alkama, wake da abin da ake yi da shi kamar ƙosai da alale da ɗanwake, ɗanyar madara da ta gari, sai mangwaro da kankana da zuma. Shinkafa da gero da dawa da masara, da ƙwai da kifi da nama, galibi ba sa cikin waɗanda ake zargi, kuma wannan rahama ce ga mai cin tuwo. Goro da kofi da barkono da soye-soye mai maiƙo suna iya tayar da hanji ta wata hanya dabam, kuma a gwada su daban.

Ana rage rukunin farko, wato su albasa da alkama da wake da madara, na tsawon makonni 2 zuwa 6 kawai, ana rubuta abin da aka ci da yadda cikin ya kwana. Idan babu wani canji, to abinci ba shi ne babban dalili ba, sai a koma cin komai, a duba damuwa da rashin barci da magungunan da likita zai iya bayarwa. Idan an samu sauƙi, sai a riƙa dawo da abu ɗaya a lokaci guda. A ɗauki misalin madara: ranar farko a sha rubu'in kofi, ta biyu rabi, ta uku cikakken kofi, wanda ke ɗauke da kimanin giram 12 na sukarin madara, ba tare da an canza komai a sauran abincin ba. Idan ciki ya kumbura a rabin kofi, an san iyakar, sai a huta kwana 2 ko 3 har ya lafa kafin a gwada wake. Kada a yi gwajin wake da ƙosai, domin a cikinsa akwai albasa da barkono da mai, kuma ba za a san mai laifin ba. Dafaffen wake zalla, cokali biyu a ranar farko, shi ne daidai.

A wurina albasa ce ta fito fili, madara kuwa da na ƙaurace wa ba ta da laifi, kindirmo ma ya fi ta sauƙi tunda tsami ya rage sukarinsa. Da yake abin da ke damun hanji a albasa yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai, ana iya soya manyan yanka a mai a tsame su kafin a zuba ruwan miya, ko a yi amfani da koren ganyenta, wato lawashi, a samu ƙamshin. Wake kuma ina ci kaɗan, wanda aka jiƙa aka zubar da ruwan. Mai ciki, da mai ciwon sukari, da wanda ya riga ya rame, kada su fara wannan ragi sai tare da likita ko masanin abinci, kuma duk wanda jini ko rama ya bayyana gare shi daga baya, ko da an taɓa ce masa IBS ne, ya koma a sake bincike.