Rahoton miƙa wutar wani ƙaramin asibiti, da abin da janareta ya tona

Takardar da nake miƙa wa mai gini bayan an gama wayarin, kashi uku nake raba ta: sakamakon gwaji, wuraren da aiki ya saɓa wa zane, da gyare-gyaren da suka rage. Yawancin rahotannin da nake gani a hannun 'yan kwangila layi ɗaya ne, "an gwada, komai lafiya", sai sa hannu da tambari. Irin wannan takarda ba ta kare kowa. Ranar da wuta ta ja wani, ko jami'an NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wuta, suka zo duba aiki, adadi za a nema, da kuma halin da aka auna shi a ciki.

Aikin da zan ba da labarinsa na wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a wajen Kano, mai wuta fes uku da janareta, a watan Agusta, ana tsakiyar damina.

Gwajin farko wuta a kashe ake yin sa. Muka bi kowane layi muka tabbatar wayar atin, wato wayar ƙasa, ta kai soket na ƙarshe ba ta yanke ba, kuma laif ce ke bi ta makunni ba nitiral ba. Sannan gwajin rufin waya da na'urar awo da ake kira mega, a kan bolt 500. Kafin wannan dole a cire ƙwayayen fitila da inbata da duk wata na'ura mai laushi, don megar za ta iya ƙona su, ko su ba ka adadin ƙarya. Ƙa'ida ita ce kada ya gaza megaom 1, amma sabon wayarin mai kyau ɗaruruwa yake nunawa. Duk layukan suka wuce 200, ban da na fitilun waje da ya tsaya a 0.4. Da muka bi shi, sai ga wani akwatin haɗi a jikin katanga babu robar murfi, ruwan sama ya kwanta ciki har tef ya fara kumbura. Aka canja akwatin, waya ta bushe, adadi ya koma sama da 200. A rahoto na rubuta duka biyun, na farko da na bayan gyara, da dalili. Wanda zai zo bayan shekaru ya tarar layin nan yana faɗuwa ya san ta inda zai fara.

Atin kuwa om 8 ya ba mu, yarjejeniyar aiki ta ce kada ya wuce 10. A takarda ya ci. Sai dai ƙasar Agusta a jiƙe take, kuma duk mai wannan sana'a a Arewa ya san ramin da ya ba ka 8 da damina yana iya ninkawa ko fiye a watan Maris, musamman in gishiri da gawayi aka zuba aka dogara da su. Don haka kusa da adadin na rubuta sunan watan, na rubuta cewa an yi ruwa a makon, na sa sake awo da rani cikin abubuwan da suka rage.

Saɓa wa zane ba laifi ba ne in an rubuta shi da hujja. Zanen ya sa injin rijiyar burtsatse mita 40 daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri milimita 2.5. Masu haƙa ba su samu ruwa a nan ba, suka matsa, nisa ya zama mita 70. Injin yana jan wajen amfiya 10. A wayar 2.5, kowace amfiya tana zubar da kusan milibolt 18 a mita ɗaya, wato bolt 12.6 ke nan a wannan nisa, alhali iyakar kashi 5 cikin ɗari na 230 ita ce 11.5. Muka koma waya mai 4, asarar ta sauko 7.7. Na rubuta abin da zane ya ce, abin da aka yi, wannan lissafi, da ranar da injiniyan mai sa ido ya amince. Kuɗin ƙarin waya ma da wannan shafi aka biya shi, ba a yi musu ba.

Inda aikin ya yi tsami shi ne gwajin birkokin da ke jin yoyon wuta, masu tambarin RCD a jiki. Na soket masu miliamfiya 30 ne, kuma ana so su faɗi kafin milisakan 300 idan na'urar gwaji ta yoyar da wannan adadi zuwa ƙasa. A wutar gari duk suka faɗi tsakanin 20 da 35. Mutane da yawa a nan suke naɗe kayansu. Ni na ce a tayar da janareta a juya canjoba, tunda asibitin zai yi rabin rayuwarsa a kansa ne. Na soka na'ura a soket ɗin ɗakin haihuwa na danna, birka ko motsi. Na gaba ma haka.

Yaron da ya zo da janaretan ya danna ɗan maɓallin gwaji na jikin birkar, ta faɗi tak, ya dube ni yana murmushi. Wannan maɓalli a cikin birkar yake ƙirƙirar rashin daidaito, bai san ko akwai hanyar ƙasa a ginin ba. Birkar lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce nitiral ɗin janaretan ba a haɗa ta da atin ba. Canjobar mai ƙafa huɗu ce, tana yanke nitiral ɗin gari tare da fes ukun, don haka da an koma inji wutar ba ta da hanyar komawa ta ƙasa. Laif ta taɓa jikin na'ura, babu abin da zai faɗi, babu wanda zai sani, sai ranar da matsala ta biyu ta same ta.

Likitan mai asibitin ya riga ya sa ranar buɗewa. Ya ce, "Injiniya, ka sa mana hannu mana, sauran a ƙarasa daga baya. Ai wuta tana kamawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan sa hannu a kan wutar gari yau. Na inji kuwa sai an haɗa wayar nan na sake aunawa."

Saboda irin wannan ne ba na zuba ragowar gyara a jeri ɗaya. Idan murfin soket da ya fashe da nitiral marar atin suna layi kusa da juna, mai karatu zai ɗauke su nauyinsu ɗaya. Na ware wanda ke hana amfani da wuta sam, kuma abu ɗaya ne a ciki, janaretan. Na ware waɗanda za a iya aiki da su amma da wa'adi, kamar awon atin na rani da lambobin birkoki da ba a manna ba. Na kwalliya suka zo ƙarshe. Kowanne da wurinsa, da wanda gyaran ke wuyansa, da rana, da gurbin sa hannu in an rufe shi. "A gyara soket" ba bayani ba ne. "Soket na biyu daga ƙofa, ɗakin magani, murfi a fashe" shi ne wanda yaro zai iya zuwa ya samu ba tare da ya kira ni ba.

Muka sa kwaɗo a ɓangaren inji na canjobar, makulli a hannun likita, aka rubuta hakan a rahoto. Da masu janaretan suka dawo suka haɗa nitiral da atin a wajen injin, na sake bin birkokin ɗaya bayan ɗaya, mafi jinkiri ta faɗi a milisakan 38. Na ƙara shafi mai sabuwar rana maimakon goge na farko, aka cire kwaɗon. Layin awon atin shi kaɗai ya rage a buɗe, da watan Maris a gabansa.