Awon zobe a gida: ku auna sau uku kafin ku biya kuɗi

Ƙannena, kuskuren da na fi maimaitawa a harkar zobe shi ne auna yatsa sau ɗaya in ɗauka an gama. Yatsa ba sanda ba ne. Yana kumbura yana saɓewa tsakanin asuba da dare, kuma bambancin yakan kai rabin lamba, wani lokacin har lamba guda. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa zoben gwal da aka yi saƙonsa daga Dubai ko Makka ya ƙi wuce gaɓa, ko kuma ya zame a wurin wanki.

Lambar zobe ba wani abu ba ce illa girman ramin cikinsa. A tsarin Turai, lambar ita ce kewayen cikin zoben da milimita, wato lamba 54 tana nufin milimita 54. A tsarin Amurka, wanda ya fi yawa a shagunan intanet, lamba 6 kewayenta milimita 51.9 ne, lamba 7 milimita 54.4, lamba 8 kuma milimita 57. Birtaniya da haruffa take amfani. Kun ga a tsarin Amurka tsakanin lamba da lamba wajen milimita biyu da rabi ne kacal. Shi ya sa idan za ku aika saƙo, ku faɗi milimita, kada ku ce "lamba bakwai" ku yi shiru, domin bakwai ɗin wani ba ita ce ta wani ba.

Kada ku auna da zare. Na yi shi, kuma shi ya fi ruɗi. Zare yana miƙewa, yana kuma nutsewa cikin nama, sai ya ba ku awon da bai kai girman yatsan ba. Ku yanko takarda mai ɗan ƙwari, tsawon santimita 10, faɗinta daidai da faɗin zoben da kuke so. Ku naɗe ta a gindin yatsan da za a sa wa zoben, ta kama fata ba tare da ta matse ba. Inda bakin takardar ya hau kan sauran, ku ɗiga alama da biro mai siririn baki. Maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ba ta yi, domin kaurin layinta kaɗai ya kai milimita guda, kusan rabin lamba ke nan. Sai ku shimfiɗa takardar a kan rula ku karanta. Daga nan ku sake yin haka a kan gaɓar tsakiyar yatsan, tunda zobe sai ya ratsa ta kafin ya isa mazauninsa. Kuma hannun da za a sa wa zoben za ku auna, domin hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri.

Wasu suna ɗora tsohon zobe a kan rula su auna faɗin raminsa. Hanya ce mai kyau, amma tana da tarko. Kewaye ya ninka faɗin rami sau 3.14, saboda haka kuskuren milimita ɗaya a rula ya zama fiye da milimita uku a kewaye, ya zarce lamba guda cur. Ramin lamba 7 milimita 17.3 ne, na lamba 8 bai fi shi da milimita ɗaya ba. Idan tsohon zoben ya lanƙwashe ma, awon ya tashi a banza. Gara a kai shi wurin maƙerin azurfa ko mai shagon gwal ya zura shi a sandar awo.

Abin da ke kumbura yatsa ruwa ne, ba ƙiba ba. Idan zafi ya yi yawa, jijiyoyin jini na kusa da fata suna buɗewa don jiki ya fitar da zafi, jini ya ƙaru a hannu, wani ruwa kuma ya tsattsafo ya zauna cikin nama. A sanyi akasin haka ne, jijiyoyin suna tsukewa yatsa ya rame. Wanda ya auna da sanyin safiyar hunturu a watan Janairu zai sha mamaki a zafin Afrilu. Gishiri kuwa riƙe ruwa yake yi. Idan ya yi yawa a jini, ƙishirwa ta taso, ƙoda kuma ta rage fitar da ruwa har sai ta daidaita shi. Kilishi, tsire da yaji, miyar da aka cika wa dunƙule da daddare, duk sukan bayyana a yatsu washegari da safe.

Lokaci ma yana da nasa. Da farkawa yatsu sukan yi nauyi, saboda a kwance ruwan da ya taru a ƙafa da rana yana bazuwa cikin jiki, ga hannu bai motsa ba duk dare. Bayan doguwar tafiya a rana da hannu a sake, ko bayan daka da wanki, nan ma sukan cika. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne wajen la'asar, a inuwa, bayan an huta, hannu ba zafi ba sanyi. A watan azumi awon yamma yakan yi ƙasa saboda ƙarancin ruwa a jiki, na bayan buɗa baki kuma ya yi sama. Mace ta guji awo a kwanakin da al'ada ke gabatowa, mai ciki kuma ta jinkirta sayen zobe mai tsada har bayan haihuwa da wasu watanni.

A ce an auna gindin yatsa sau uku cikin kwana biyu: da safe bayan cin tsire an samu milimita 55.5, da la'asar 54, da dare cikin sanyi 53. Gaɓa kuma ta ba da 55. Ba za a ɗauki 53 ba, ba kuma za a bi 55.5 ba. Awon la'asar shi ne tushe, sai a ɗan matsa sama saboda gaɓa, a tsaya kan lamba 7 ta Amurka, wato 54.4, in zoben siriri ne mai faɗin milimita 2 ko 3. Fatar gaɓa tana ba da hanya idan an ɗan murza. In kuwa faffaɗa ne, milimita 6 zuwa sama, irin zoben azurfa na maza mai dutse, a ƙara rabin lamba zuwa 55.7, domin faffaɗan zobe yana danne nama mai yawa. Idan awo ya faɗo tsakanin lamba biyu, ku ɗauki babbar.

Zoben da ya dace yana shiga da sauƙi, yana ɗan turjewa a gaɓa wajen fita, kuma ana iya juya shi lokacin alwala ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa. Idan ya bar zurfin sawu ko naman ya tasa gefe da gefe, ya matse.

In ya maƙale, kada a yi ta ja, ja yana ƙara kumburi. A ɗaga hannu sama da kai na minti biyar zuwa goma, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, a shafa sabulu ko man kaɗanya, a riƙa murzawa a hankali. Idan yatsan ya sauya launi, ya yi sanyi ko ya daina ji, a tafi asibiti a yanke zoben nan take, maƙeri zai iya haɗa shi daga baya. Kumburin da bai sauka ba kwana da kwanaki, musamman in ya haɗa da fuska da ƙafa, ko ya zo wa mai ciki farat ɗaya tare da ciwon kai, wannan ya wuce maganar zobe. A je a gwada hawan jini a ranar.