Yadda na ƙirga ragowar maganin Baba daga hoton kati

Ranar Litinin da ƙarfe biyu na rana ƙanwata ta turo mini hoton katin maganin ciwon sukari na Baba, tana son sanin ko zai kai ƙarshen wata. Metfomin ne mai miligiram 500, kuma likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya sau uku a rana, tare da abinci. Kati uku ne a hoton, kowanne mai gurbi 14, layi biyu bakwai-bakwai.

Kallon farko na ƙirga 14 a cikakken katin, 9 a na biyu, 6 a na uku, wato 29. Ban yarda da wannan lissafin ba, domin ta ɗauki hoton ne ta gefen roba kuma da hasken kyamara a kunne. Ƙwayar fara ce, hasken da ke dawowa daga robar shi ma fari ne. Ban da haka, ba kullum robar ke zama a lotse bayan an matso ƙwaya ba. Wani lokaci takan koma ta kumbura kamar ba a taɓa ta ba, sai ido ya ɗauka akwai abu a ciki.

Sai na ce ta kashe hasken, ta je bakin taga, ta shimfiɗa katunan a kan baƙin zane ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, ta ɗauka daga sama tsaye, gaba da baya. Bayan katin, wato gefen ƙyalli, shi ne ke faɗin gaskiya: duk gurbin da aka cire ƙwayarsa sai ka ga ya yage. Na ƙirga yagaggun na cire su daga 14. Kati na biyu ya yage wuri 5, saura 9, ya dace da ƙirgar gaba. Na uku kuwa ya yage wuri 9, saura 5, ba 6 ba. Gurbin da ke kusurwa ne ya ruɗe ni. Jimilla 28. Akwai katin da gaba da bayansa duk ƙyalli ne, ba a ganin ƙwaya ko kaɗan, irin wannan ba shi da wata hanya sai ƙirga yagaggu.

A bayan katin ne kuma na karanta suna da ƙarfin maganin, kati ɗaya bayan ɗaya. Metfomin yana zuwa a 500 da 850 da 1000, kuma idan an sayo daga kemis daban-daban sukan gauraya a leda guda. Da ɗaya ya bambanta, da ban haɗa su a lissafi ɗaya ba, sai an tambayi mai harhaɗa magani.

Daga nan sai kwanaki. Mutane kan raba 28 gida uku su samu tara da ɗoriya, su ce kwana goma. Ɗoriyar ba kwana ba ce, kuma ba a kula da lokacin da aka ɗauki hoton ba. Na tambaya, aka ce ya sha na safe da na rana, saura na dare. Na cire wannan ɗayar, saura 27. Ƙwaya uku a rana, kwana 9 cif ke nan, farawa daga Talata. Na lissafa da yatsa: Talata ɗaya, Laraba biyu, har na zo Larabar mako mai zuwa a kwana na tara. Daren wannan Larabar zai sha ta ƙarshe, safiyar Alhamis babu komai. Ba zai kai ƙarshen wata ba. Na sa musu Lahadi a matsayin ranar sayen sabo, a bar ratar kwana uku ko da ba a samu a kemis na farko ba.

Abin da ya fi damuna ya fito ne da na gwada lissafin ta ɗaya gefen. An ba shi kati shida, ƙwaya 84, na kwana 28, kuma Litinin ɗin ce rana ta 21. Kwana 20 sau uku 60 ne, ga biyun ranar, 62. Kamata ya yi a ce saura 22, ga shi kuma akwai 28. Ƙwaya shida sun yi rara, ma'ana an tsallake sha sau shida. Kati biyu a buɗe lokaci guda ma alama ce: ɗaya na gida, ɗaya yana tafiya da shi kasuwa a aljihu. Na kira shi na ce, "Baba, na rana fa, kuna samun sha kuwa?" Ya ce idan ciniki ya yi zafi yakan shafa'a.

Na roƙe shi kada ya haɗa biyu don rama wanda ya wuce, na kuma ce ƙanwata ta rubuta shidan nan a takarda su tafi da ita asibiti. Idan likita ya ga sukarin ya hau bai san an tsallake sha ba, zai iya ƙara masa ƙarfin maganin da bai gaza ba.