Talata: katan 23, guda 60

Ban gama karin kumallo ba saƙonnin murya bakwai suka shigo WhatsApp daga Baffa, mafi gajarta minti biyu. Yana shago a Ƙofar Ruwa, ina jin ƙarar 'yan dako a bayansa. Tayil ɗin da muka saro a wajen dilanmu na Legas ya iso jiya da magariba, katan 200 masu girman santimita 60 da 60, da safe aka buɗe aka tarar da ɓarna. Saƙo na ƙarshe cewa yake: «Ka juya min wannan zuwa takarda, kada ka rage ko kalma ɗaya.»

Na saurare su duka sau biyu, biro a hannu. A cikin kusan minti ashirin na faɗa akwai «macuci» sau biyar, akwai Allah ya isa, akwai tsohon zancen siminti na shekarar da ta wuce, akwai «rabin kayan ya tashi aiki». Abin da zai shiga takarda bai kai layi huɗu ba, kuma babu lamba ko ɗaya a ciki. Sai na hau adaidaita na tafi kasuwa.

Rabin da Baffa yake faɗa, da muka ƙirga da yaron shago, katan 23 ne ɓarna ta taɓa. Kowane katan guda huɗu ne, wato guda 92, kuma 32 a cikinsu lafiyarsu lau. Fasassu 60, daidai katan 15 ke nan. A naira 9,500 kowane katan, kuɗin ya kama 142,500. Baffa ya so a nemi kuɗin 23 ɗin gaba ɗaya. Na ce masa, «Baffa, in muka ƙara ko katan ɗaya dila ya gano, a kan wannan ɗayan zai tsaya, a manta da sha biyar ɗin.» Ya harare ni, bai ce komai ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne bakin fashewar. Tayil ɗin da ya fashe a hanya bakinsa fes yake, da kaifi, kuma za ka ga ɓarɓashinsa a gindin katan. Amma a katan tara bakin ya yi duhu da ƙura, babu ɓarɓashi ko kaɗan, an kuma sake liƙe kwalin da wani salatef daban da na kamfani. Waɗannan tun a sito suka fashe, aka loda su a haka. Na ɗauki hoton kowanne da lambar da ke jikin kwalin. Sauran ma nauyinsu a kan dila yake, domin shi ya ɗauko motar, kuɗinta na cikin rasit ɗinsa.

Matsala ɗaya ce a ɓangarenmu: yaron ya sa hannu a webil, takardar karɓar kaya, jiya cikin duhu, bai rubuta cewa ba a duba kaya ba. Ban ɓoye ba, gara dila ya ji daga bakinmu.

Bayan azahar na zauna a kan benci na rubuta. Sallama, gaisuwar iyali da kasuwa a layi ɗaya, sai tsakiyar:

«Alhaji, kayan da ka turo, katan 200, sun iso jiya Litinin bayan magariba, aka sauke ba a buɗe ba. Yau da safe muka tarar da fasassu guda 60, daidai katan 15. A katan tara alama ta nuna fashewar ta riga lodi, ga hotuna nan. Muna neman ɗaya cikin biyu: ko ka turo katan 15 masu lambar kala iri ɗaya da waɗannan, ko a cire naira 142,500 daga cikon 600,000 da kake bin mu. Sauran 457,500 za mu tura ranar Juma'a kamar yadda muka yi alkawari. Muna jiran amsarka zuwa Talata mai zuwa. Fasassun suna ajiye, wakilinka zai iya zuwa ya gani.»

Maganar lambar kala da gangan na saka. Tayil iri ɗaya da aka gasa a lokaci daban yakan ɗan saɓa a launi, sai an shimfiɗa a falo mai gida ya dawo mana da rigima.

Na karanta wa Baffa. Ya ce ina «macuci»? Na ce yana cikin hoton salatef. Ya yi dariyar da bai shirya ba, sannan ya nace sai an ƙara cewa shekara shida muna ciniki tare. Wannan kam gaskiyarsa ce, na saka a sama, kusa da gaisuwa. Barazanar komawa wani dila kuwa na cire, tunda shi kansa ya san ba zai koma ba.

Na mayar da ita PDF, muka tura daga wayarsa ƙarfe huɗu da kwata. Alamar an karanta ta fito kafin la'asar ta yi sanyi. Har yanzu, bayan isha'i, shiru. Baffa ya turo min sabon saƙon murya na minti uku, ban buɗe ba tukuna.