Abin da firet na 12 ya koya mini game da sabuwar tsirkiya

A watannina na farko ina koyon gyaran jita, akwai ranar da na ɓata kusan awa biyu a kan wata jitar lantarki, ina neman daidaita sautinta, ina murɗa sukurori gaba da baya, na ƙare ban gyara komai ba. Maigidana yana gefe yana kallona bai ce uffan ba. Sai da na gaji ya miƙo hannu ya ja tsirkiya ɗaya sama kaɗan, ya sake ta, ya nuna mini tiyuna, na'urar da ke auna sautin tsirkiya. Sautin ya faɗi warwas. Ya ce, "Yaro, abin da bai zauna ba kake aunawa." Na ce, "Ai na ɗaure ta daidai, Oga." Ya ce ɗauri daban, zama daban.

Tun daga wajen ɗaurin ma na fara kuskure. Ina barin tsirkiya da tsawonta, in yi ta naɗawa a jikin sandar mamurɗi har naɗi ya hau kan naɗi. Kowane naɗi da ya hau kan ɗan'uwansa wuri ne da tsirkiya za ta zame daga baya. Yanzu idan na zura ta a ramin sandar, nakan bar rarar santimita 5 ko kusa da haka, in lanƙwasa, in murɗa ina riƙe da ita da ɗayan hannun, kowane naɗi yana sauka ƙarƙashin na baya. Masu kauri naɗi biyu zuwa uku ya ishe su. Siraran, da yake suna da santsi, huɗu zuwa biyar. Kuma ɗaya bayan ɗaya nake canzawa, sai in ina son goge katakon wuyan jitar.

Maganar miƙa tsirkiya ita ce ta fi ɗaukar min lokaci kafin in gane. Da ina zaton ƙarfen ne kawai yake ƙara tsawo kamar roba. Ashe yawancin saukar sautin daga wasu wurare yake fitowa: naɗin da bai matse ba, ɗan ƙwallon ƙarshen tsirkiya da bai zauna a mazauninsa ba, da lanƙwasar da tsirkiya ke yi a inda ta hau nat, ɗan matashin mai tsaga da ke can saman wuya, da inda ta hau sadul, ɗan ƙarfen da take zama a kansa a ƙasa. Miƙawa tana tattaro wannan sakin da zai fito a hankali cikin kwana biyu, ta fitar da shi cikin 'yan mintuna. Nakan kai tsirkiyar sautinta, in sa yatsu a ƙarƙashinta in ɗaga kamar santimita biyu, ina bi daga ƙasa zuwa sama a wuri uku ko huɗu, ɗayan hannun yana danne ta a kan wuya don kada ta fita daga tsagar nat. Sai in duba tiyuna. Zagayen farko takan faɗi da yawa, na biyu kaɗan, zuwa na uku ko na huɗu allurar ta daina motsi. A nan nake tsayawa. Siririyar E kuwa a bi ta da lallami, na tsinka biyu kafin hannuna ya san iyakarsa. Tsirkiyar nailan ba ta jin wannan dabara sosai, ita kam sai an ba ta kwanaki.

Wani ƙaramin abu: kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sautin. Idan ka wuce, ka sauko ƙasa da shi sannan ka sake hawa, in ba haka ba saki zai maƙale a bayan nat ya fito tsakiyar kiɗa.

Sai bayan wannan ake zuwa awo a firet na 12, firet kuwa su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, inda ake danna tsirkiya. Dalilin zaɓensa shi ne yana tsakiyar tsirkiya. A jitar da tsawon tsirkiyarta daga nat zuwa sadul ya kai milimita 648, firet ɗin yana milimita 324 daga nat. Idan ka raba tsirkiya biyu, sautin yakan ninka, wato sunansa ɗaya da na buɗaɗɗiyar tsirkiya amma a sama. Tsirkiyar A da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa za ta koma 220. To amma danna tsirkiya zuwa kan firet yana ɗan ƙara mata ɗauri, sautin ya ɗan hau. Shi ya sa ake ja da sadul baya kaɗan don a rama, kuma kowace tsirkiya da gwargwadon da take buƙata, saboda kauri da taurinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka ga sadul shida a jere cif kamar an ja layi, ka yi shakkar saitin.

Gwajin kansa ba wuya. Ka riƙe jitar yadda kake kaɗa ta, ba a kwance a kan tebur ba, don nauyin wuyan kaɗai yana canza sauti. Ka saita buɗaɗɗiyar tsirkiya daidai, ka danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake dannawa in kana kiɗa, ka duba tiyuna. Idan sautin ya hau, tsirkiya ta yi gajarta, a ja sadul baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, a matso da shi gaba.

A waccan jitar, bayan na miƙa tsirkiyoyin yadda ya kamata, biyar sun fito kusan daidai. Tsirkiyar G ce kaɗai ta hau da sent 8, kuma sent 100 ne tsakanin firet da na kusa da shi. Takwas kamar ba komai ba, amma ka kama kod, wato sautuka da dama a tare, a wajen firet na 12 ka ji yadda yake tsami. Maigidana ya sa na yi lissafi kafin in taɓa sukundireba. A tsawon milimita 648, ja da sadul baya da milimita ɗaya yana sauke sautin firet na 12 da kusan sent 2.7. Ke nan ina neman wajen milimita 3. Na sassauta tsirkiyar, don kada sukuru ya ci ko sadul ya karce ta, na ja da shi rabin tafiyar, na sake ɗaurewa, na ɗan miƙa, na auna: saura 4. Na maimaita, allura ta tsaya a tsakiya. Wanda ya manta sake saita buɗaɗɗiyar tsirkiya bayan kowane murɗi, duk awon da ya biyo baya na banza ne.

Akwai lokutan da sadul ba shi da laifi. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa da datti ba ta kaɗawa daidai, don haka ba a saiti a kanta. Tsirkiyar da ta yi nisa da firet tana sa sauti ya hau ko'ina, shi ya sa ake fara gyara lanƙwasar wuya, sannan tsayin tsirkiya, wannan awon ya zo ƙarshe. Idan maganaɗisun fikof, na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya matso kusa da tsirkiyoyi masu kauri, za ka ga allura tana rawa ta ƙi tsayawa. Wanda kuma ya canza kaurin tsirkiyoyinsa, ya tashi daga saitin 9 zuwa na 10 ko 11, dole ya sake awo tun daga farko.

Ranar nan da na gama, sai na lura cewa sadul biyar ɗin da na wahala ina murɗawa da safe, duk na dawo da su kusan inda na same su. Na gane ne da shaidar ƙurar da ke kan farantin ƙarfen da sadul ke zaune a kai.