Waifai ɗin Barnawa da kuɗin da aka yanke min

Na ajiye aiki a wajen da nake haɗa wa mutane intanet, amma har yau maganar wani bene a Barnawa tana min ciwo a rai. Wani alhaji ne a hawa na biyu, kullum da an idar da sallar isha'i, wajen ƙarfe takwas, sai waifai ɗinsa ya kama yankewa har sha ɗayan dare. Oga ko zuwa bai yi ba ya ce haɗina ne ba kyau, ya sa aka canza rauta aka cire kuɗin a albashina, kuma washegari abin ya dawo yadda yake.

Shi da rana yake tura mu dubawa, lokacin gidan ba kowa, to me za a gani? Sai na biya kuɗin keke daga aljihuna na je da daddare. Na jona laftof da kebul na buga

```
ping 192.168.1.1 -t
```

amsa tana zuwa a 1ms ba ko gargada. Ina zare kebul na koma waifai sai ta haura ɗaruruwa, can kuma Request timed out. Nan na san a waifai ɗin, tsakanin rauta da laftof, ake rigimar.

Da na buɗe WiFi Analyzer a waya sai ga netwok sama da ashirin a 2.4GHz, alhali da rana ba su kai rabin haka ba, don mutane sun dawo gida da maifai da hotspot ɗinsu, kowa na kallo. Ita 2.4GHz canel uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. In ku biyu kuna canel ɗaya ma da sauƙi, jiran juna kuke kamar masu layin famfo, amma maƙwabcin da ke 3 ko 4 yana shiga wa 1 da 6 duka, ga wasu sun buɗe faɗin zuwa 40MHz sun cinye wajen rabin wurin. Ta alhaji tana kan Auto, ta zauna a 6 inda cunkoson ya fi yawa.

Na mayar da ita 11, Channel Width na sa 20MHz, na ciro ta daga bayan talabijin, sannan talabijin da laftof na kai su 5GHz. Ɗakin ƙurya dai na bar shi a 2.4GHz saboda 5GHz ba ta iya ratsa bangon bulo sosai. Alhaji ya kira bayan sati ya ce "Malam, Allah ya yi albarka, yanzu ba ya yankewa."

Ku da kuka rage a wajen, matsalar da ke da lokaci ku je mata a lokacinta, kuma ku ɗau hoton allo ku ajiye. Ni na nuna wa oga nawa, ya ce to madalla, kuɗina kuwa har na bar wajen ba a dawo min da ko sisi ba.